Awa Ashirin, Kwas Shida, Son Zuciya Ɗaya

Maki 88 na ci a Tarihi a zangon farko na shekarata ta farko a jami'a, kuma har yau ban ci makin da ya cuce ni kamarsa ba. Da aka liƙa sakamako a allon sashenmu, na daɗe a tsaye da yatsa a kan wannan layin ina gyaran murya, ko Allah zai sa na kusa da ni ya leƙo. Sauran layuka biyar ɗin kuwa tafin hannuna ne ya yi musu rumfa. Lissafi E, Ƙididdiga D, sai C guda uku a jere: Tattalin Arziki, Akanta da Turanci. Ni kuma ɗalibin sashen Tattalin Arziki ne. Tarihin nan kwas ne na zaɓi da na ɗauko daga wani sashe don cike gurbi.

Wanda bai shiga jami'a a Najeriya ba zai iya cewa ai A ɗaya ta isa ta wanke mutum. Ga yadda lissafin yake a inda na yi karatu, kuma haka yake a yawancin jami'o'inmu. Maki 70 zuwa sama A ce, poyin 5. Daga 60 zuwa 69 B, poyin 4. Daga 50 zuwa 59 C, poyin 3. Daga 45 zuwa 49 D, poyin 2. Daga 40 zuwa 44 E, poyin 1. Abin da ya gaza 40 F ce, babu ko sisi, sai an sake kwas ɗin baɗi. Kowane kwas kuma yana da nauyinsa, wato yunit, kuma da yunit ɗin ake ninka poyin. Lissafi, Ƙididdiga da Tattalin Arziki yunit uku-uku ne. Akanta, Turanci da Tarihi yunit bibbiyu. Jimla yunit 15. Idan aka tara duk poyin da mutum ya samu aka raba da yawan yunit, abin da ya fito shi ne ji-pi, kuma shi ne yake bin mutum har takardar digiri.

A ɗina ta Tarihi ta kawo poyin 10. E ɗin Lissafi ta kawo 3, alhali kwas ɗin yana iya kawo 15. Duka-duka na tashi da 40, aka raba da 15, ji-pi 2.67. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne maki 18 da ke tsakanin 70 da 88. Jami'a ba ta biyan ko anini a kansu. Mai 70 da mai 88 duk poyin 5 ne. Waɗannan maki goma sha takwas kuwa ba a banza na same su ba, dare ne na raba a kan zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da kafuwar Kasuwar Kurmi, da jerin sarakunan Gobir da babu malamin da ya ce in haddace. Na yi irin kiwon mutumin da ke da tumaki shida, ya riƙa ɗura wa ƙosasshen ragon dusa da harawa saboda shi ne mai zuwa ya shafi ƙafarsa, biyar ɗin kuma suna can gindin danga ana ƙirga haƙarƙarinsu.

Da aka dawo zango na biyu, kwasa-kwasan nan shida ne dai suka ci gaba, kowanne da kashinsa na biyu. Na dawo da niyyar zama mutumin lissafi, tunda dai tattalin arziki nake karanta, kuma darasin farko da aka koya mana shi ne dukiya kaɗan ce, buƙata da yawa. Na ƙirga lokacin da nake da shi bayan lakca, salla, cin abinci, layin ɗiban ruwa da wanki, na ga awa 20 a mako ita ce gaskiya. Sai na zo da dabara wadda a lokacin na ɗauka ni na ƙirƙiro ta. Kowane kwas zan ba shi lambar rauni daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda yake ba ni wahala, in ninka da yunit ɗinsa, sannan in raba awa ashirin ɗin bisa abin da ya fito.

nauyi = yunit × rauni

Dabarar a kan kanta ba ta da laifi, kuma har gobe ita zan fara nuna wa ƙanena. Tana hana mutum raba lokaci daidai-wa-daida tsakanin kwas mai yunit 3 da mai yunit 2, tana kuma hana shi manne wa abin da ya riga ya iya. Matsalarta ɗaya ce. Yunit a rubuce yake a takardar rajista, ba mai taɓa shi. Lambar rauni kuwa mutum ne yake ba kansa, kuma alƙalin da ya zauna wannan shari'ar ni ne, mai ƙara ni ne, mai shaida ma ni ne.

Lissafi na ba shi 5 ba tare da gardama ba, don ko sunansa na ji sai cikina ya juya. Ya tashi da 15. Ƙididdiga na ba ta 2, saboda a layin gaba nake zama ina gyaɗa kai, kuma malamin ya taɓa kallona ya ce "madalla". Na manta D ce a hannuna. Ta tashi da 6. Tattalin Arziki na ba shi 1, don a ganina abin kunya ne ɗan gida ya ce yana da rauni a kwas ɗin sashensa. Ya tashi da 3. Akanta 3, ta tashi da 6. Turanci 1, tunda ina sauraron labarai a rediyo, ya tashi da 2. Da na iso kan Tarihi sai biro ya tsaya. Gaskiya 1 ce, amma 1 tana nufin awa ɗaya tak a mako, ga shi wannan zangon za a shiga Daular Usmaniyya tun daga hijira zuwa Gudu a 1804 har zuwan Turawa a 1903. Na ce wa kaina ai shekaru suna da saurin ruɗa mutum, ga sunayen masu tuta da yawa, kuma riƙe A ya fi samunta wuya. Alƙali ya gamsu da hujjojin. Na rubuta 4. Tarihi ya tashi da 8.

Jimla 40, wato kowane ɗigo rabin awa ke nan. Lissafi awa bakwai da rabi, Tarihi awa huɗu, Ƙididdiga da Akanta uku-uku, Tattalin Arziki awa ɗaya da rabi, Turanci ɗaya. Kwas mai yunit 2 da na ci 88 a cikinsa ya zo na biyu, ya fi Ƙididdiga mai yunit 3 da na ci D. A da son zuciya nake yi kai tsaye. Yanzu na samo masa takarda da hatimi.

Makon farko kuwa babu kwas ɗin da ya sami ko minti ɗaya, domin zanen jadawalin ne ya cinye shi. Na sayo kwali da rula da biro kala huɗu. Na zana, layi ya karkace, na sake. Da na liƙa shi a bango sama da katifata, 'yan ɗakinmu har zuwa suke yi da baƙi su nuna musu. Akwai kuma wata cutar da ba ta fito a kwalin ba. Awa ba ɗaya take da awa ba. Lokacin da kaina ya fi buɗewa shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, kuma duk waɗannan na damƙa wa Tarihi. Lissafi na ajiye shi bayan isha'i, bayan na cika ciki da shinkafa da wake. Awa bakwai da rabi ɗin nan, in za a faɗi gaskiya, rabinta gyangyaɗi ne a kan buɗaɗɗen littafi. Akwai shafin da har yau yana ɗauke da shaidar yawu.

A ɗakinmu akwai wani ɗan ajin ƙarshe da ke karanta Akanta, mutum mai ƙarancin magana, duk Yaya muke ce masa. Ya bar ni da kwalina har aka gama tes, jarrabawa saura 'yan makonni. Wata rana bayan la'asar ya tsaya gaban bangon yana sakace.

"Ƙanena, wannan 4 ɗin da ke gaban Tarihi, wa ya ba ka ita?"

"Ni na auna, Yaya."

"Da wane mudu?"

Na fara bayanin masu tuta. Ya bar ni na kai Bauchi da Adamawa, sannan ya ce in je wajen masu fotokwafi na bakin ɗakin karatu in sayo tambayoyin jarrabawar shekarun baya na kwas shidan. Sharaɗinsa shi ne kowace takarda in zauna mata kamar ranar jarrabawa: littafi a rufe, handawut a ƙarƙashin katifa, agogo a gaba, kuma in tsallake duk tambayar da ba a kai ga koyar da ita ba, a yi lissafin makin da abin da ya rage. Shi zai duba Akanta da Lissafi da Ƙididdiga, sauran kuma wani abokin karatuna ya duba da handawut a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma tawa ta fito fili.

Dalilin rufe littafin shi ne abin da ban taɓa tunani a kai ba. Idan mutum yana karanta handawut, idonsa yana gane abin da ya taɓa gani, sai zuciyarsa ta ce masa ya iya. Ganewa daban, fito da abu daga kai a kan farar takarda daban, kuma na biyun ne jarrabawa take saye. A Ƙididdiga ina iya bin malam daga farkon misali har ƙarshe ina cewa "haka ne, haka ne". Da aka ba ni jerin lambobi aka ce in fitar da yadda suka bazu daga matsakaicinsu, na rubuta matsakaicin, na ja masa layi biyu a ƙasa don ya yi kyau, daga nan na koma kallon silin.

A wajenmu tes da asaimen maki 30 ne, jarrabawa 70. Wasu jami'o'in 40 da 60 suke yi, don haka kowa ya duba nasa. Yaya ya ce tunda an riga an fitar da makin tes, babu amfanin yi masa kuka, kuɗi ne da ya riga ya shiga aljihu ko ya zube. Abin yi shi ne a haɗa shi da abin da gwajin ya nuna, a ga inda mutum zai sauka in da yau za a shiga jarrabawa. Lissafi ina da 11 a tes, gwaji ya ba ni 21, jimla 32, F. Ƙididdigar "madalla" 16 da 28, jimla 44, E. Tattalin Arziki, kwas ɗin 'yan gida, 19 da 38, jimla 57, C. Akanta 22 da 39, jimla 61, B da ƙyar. Turanci 17 da 35, jimla 52, C. Tarihi 27 da 56, jimla 83. Poyin 36 ke nan, ji-pi 2.40, ƙasa da na zangon da ban yi kwali ba.

Ni a nan na so in tsaya. Na ce shi ke nan, sai in cire lambobin ƙarya in sa na gaskiya, wanda ya fi nisa da 70 ya fi samun awa. Yaya ya ce wannan gyara ne amma rabi. Ya karɓi biron ya rubuta abu ɗaya a gaban kowane kwas: maki nawa ya rage a taka matakin gaba, kuma poyin nawa matakin zai kawo.

A nan ne idona ya buɗe, domin maki ba farashi ɗaya gare su ba. Ƙididdiga tana 44. Maki ɗaya ya kai ta D, maki shida su kai ta C. Mataki biyu ke nan a kwas mai yunit 3, poyin 6 a kan maki shida. Lissafi yana 32. Kafin ya kawo poyin 6 ɗin nan sai ya kai 45, wato maki goma sha uku, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sai na yi gumi, saboda tushena a can ruɓaɓɓe ne tun sakandare. Tattalin Arziki yana 57, maki uku kacal tsakaninsa da B, poyin 3 a araha, kuma shi ne na bar wa awa ɗaya da rabi don girman kai. Turanci yana buƙatar maki takwas kafin ya kawo poyin 2, ga shi Turanci ba ya gyaruwa a 'yan makonni, abu ne da ke taruwa a hankali. Akanta maki tara ne tsakaninta da A, ya yi nisa, amma maki biyu kawai za ta zubar ta koma C, don haka ita gadi take buƙata. Tarihi kuwa yana da rarar maki goma sha uku, kuma ko zan kwana a kansa har in ci 100, poyin 10 ɗin nan ne dai.

Da na gane lissafin sai na zarce. Na ce to ai Lissafi asara ce, a bar shi ya faɗi, a kwashe awanninsa a zuba inda maki ke da araha. Na ma ji daɗin kaina, don ina ganin na yi magana irin ta masu tattalin arziki. Yaya ya kalle ni kallon da ake yi wa wanda ya sha rana.

"Ƙanena, F ba sifili ba ce kawai. Bashi ce."

Ya warware mini. Yunit ukun da aka faɗi suna nan cikin abin da za a raba da shi, ba su kawo komai ba. Baɗi a sake rajistarsu, su sake shiga lissafi, su zauna a kan nauyin sabuwar shekara, kuma sau da yawa lakcar kari-oba tana cin karo da ta sabon aji, mutum ya rasa wadda zai shiga. Wani kwas ɗin na gaba ma ba za a bari ka ɗauka ba sai ka ci na bayansa. Saboda haka maki takwas da ke tsakanin 32 da 40 sun fi kowane maki takwas tsada a takardar, ko da poyin 3 kawai suke nunawa. Tsarin da ya ba ni shi ne a fara toshe inda za a faɗi, sannan a bi matakan da ke kusa a kwas masu nauyi, sannan a sa gadi a inda ake bakin gaɓa, abin da ya saura a ba wanda ya riga ya ƙoshi. Ya ce ai na taɓa rayuwa da wannan dokar ban sani ba: mai neman shiga jami'a da ya ci A1 a darussa bakwai amma ya gaza kiredit a Lissafi ko Turanci, yawanci gida zai zauna ya sake.

Sabon rabon ya zama Lissafi awa shida, Ƙididdiga shida, Tattalin Arziki huɗu, Akanta biyu, Turanci ɗaya, Tarihi ɗaya. A bayan wata tsohuwar takardar rajista aka rubuta shi, ba rula ba kala. Lissafi ya ragu da awa ɗaya da rabi a kan na kwali, amma ya koma bayan asuba, kuma Yaya ya hana ni "karanta" shi. Ya ce Lissafi da Ƙididdiga ba a ƙirga musu awa sai biro yana tafiya. Duk ranar Juma'a da yamma kuma in sake zama wa tambaya ɗaya ko biyu a kowanne, littafi a rufe, don lambar rauni ba zanen dutse ba ce. Kwas ɗin da ya taka matakinsa sai a rage masa a ƙara wa na baya.

Cikin Lissafin kansa ma akwai rabo. Takardun baya duk siffa ɗaya gare su: tambaya ta ɗaya dole ce, maki 25, sannan a zaɓi uku cikin biyar, kowacce 15. Da 11 a aljihu, 29 nake nema in tsira, 34 in kai D. Da na duba abin da nake ta fama da shi a daren shinkafa da wake, sai na ga babin da ya fi kowanne wuya ne, wanda ake kira intagireshan, kuma iyakarsa tambaya ɗaya ta zaɓi. Na zaɓe shi ne don in aka tambaye ni me nake karantawa, sunan yana da kwarjini. Alhali ga matiriks, wanda aiki ne na bin ƙa'ida mataki-mataki, duk wanda ya yi misali da yawa hannunsa zai saba. Ga kuma difarensiyeshan, wanda shi ne ƙashin bayan tambayar dole a takardun da na gani, kuma yana sake fitowa a Tattalin Arziki. In aka ce jimlar kuɗin samar da kaya ita ce

TC = Q² + 4Q + 10

aka nemi ƙarin kuɗin da samar da ɗan ƙarin kaya zai jawo, amsar ita ce

MC = 2Q + 4

kuma wannan layin guda yana da maki a takarda biyu. Awa ɗaya a kansa tana biyan kwas biyu masu yunit uku-uku. Yaya ya ƙara mini da cewa malaman lissafi suna ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka ko na san zan ɓata a tsakiya, in rubuta ƙa'idar, in sa lambobin a gurbinsu, in tafi iya inda ƙafata ta kai.

Har nan komai daidai. Sai dai ni ba a nuna mini hanya in tsaya inda aka ce. Tunda na ga takardun baya suna maimaita kansu, sai na naɗa kaina malamin duba. Na jera su a kan katifa, na fitar da abin da "dole" ya fito bana, na yanke intagireshan gaba ɗaya, ko kallonsa ban ƙara yi ba. Har 'yan ajinmu biyu na ba wa sirrin, ɗaya ya saya mini shayi da burodi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne malamin da ya koyar da mu bana ba shi ne ya fitar da waɗancan takardun ba. Sunan yana nan a handawut, ban duba ba. Takardun baya suna nuna ɗabi'ar wanda ya rubuta su ne, in aka sauya malami ko aka sauya manhaja, abin dogaro shi ne inda sabon ya daɗe yana bayani a aji da irin tambayoyin da ya yi a tes. Namu kuwa ya yi makonni a kan babin da na binne.

Ranar jarrabawa na buɗe takarda, tambaya ta ɗaya kashi biyu: na farko difarensiyeshan, maki 15, na biyu intagireshan, maki 10, kuma dole. Na ɗago kai, muka haɗa ido da mai shayi da burodi daga can layi na uku. Ban sake ɗagowa ba har aka ce a ajiye biro. Na yi kashin farko, na yi matiriks har ƙarshe, na yi rabi-rabin wasu biyu, a kashi na biyun kuma na rubuta ƙa'idar da na tuna daga daren gyangyaɗi, na bar ta nan tsirara. Da na ba wa babin nan ko awa ɗaya a mako, na koyi misalansa masu sauƙi kawai, da rabin makin nan goma ya shigo. Rage wa babi lokaci daban, mai da shi sifili daban, musamman a takardar da ke da tambayar dole. Da aka fito, ta ƙofar baya na bi.

Sakamako ya fito. Lissafi 43, E, na tsira da maki uku, kuma maki biyu suka raba ni da D, waɗanda na san daidai inda na bar su. Ƙididdiga 53, C. Tattalin Arziki 61, B. Turanci 51, C. Tarihi 85. Har da Akanta, poyin 46, ji-pi 3.07, daga 2.40 da gwaji ya nuna. Awa ashirin ɗin nan ce dai, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Saura Akanta, wadda aka ce in yi wa gadi. Ta sauka a 58, C. Poyin biyu sun tafi, da ji-pi ya zama 3.20. Yaya ya riga ya gama, ya zo karɓar takardunsa ne muka haɗu a gaban allon. Ya bi layukan da yatsa yana gyaɗa kai, har ya iso kan kwas ɗin sashensu. Ya daɗe a nan.

"Awa biyun Akanta, ƙanena, ina suka tafi?"

Na ce ai lokaci ne ya yi ƙaranci. Ya ce lokacin bai yi wa Tarihi ƙaranci ba, tunda ga shi ya ƙaru da maki biyu a kan awa ɗaya a mako, abin da bai taɓa gani ba. Na yi shiru, sannan na ce masa gaskiya wani littafi na samu a ɗakin karatu a kan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kuma ba littafin da mutum zai fara ya ajiye ba ne. Ya tambaye ni ko Burmi ta fito a jarrabawar.

Ba ta fito ba.